Galan ɗaya, inji biyu: yadda ragowar man mota ya sa kulocin babur sulɓewa

Ƙanina yana da mota da babur. Motar ƙarama ce mai shan fetur, injinta lita 1.8, babur ɗin kuma irin na yau da kullum ne mai cc 150, wanda iska ke sanyaya shi, ba lagireto. Da babur ɗin yake yawancin zirga-zirgarsa, sau da yawa da goyo ko da kaya a baya, motar sai in zai fita da iyali. Lamarin da zan ba da labari ya faru ne a tsakiyar zafi, lokacin da in ka taɓa tankin babur da rana sai ka janye hannu da sauri.

Ya je ya yi wa motar juye. Littafin motar ya ce baƙin mai mai lamba 5W-30, shi ya saya, galan mai lita 5, kuma ya yi daidai, babu laifi ko kaɗan a nan. Motar ta sha lita 4 har da filta, sai lita ɗaya ta rage a galan. Babur ɗin kuma lita ɗaya yake sha cif, ga shi lokacin juyensa ya yi, to kowa ya san abin da zuciya za ta raya masa. Mai ne mai kyau, sabo, ya ma fi wanda ya saba zubawa tsada, me zai sa ya bar shi a ajiye? Ya kwance noti ya zubar da tsohon, ya juye ragowar a ciki.

Kwanakin farko har daɗi ya ji, wai injin ya yi laushi, giya na shiga sumul. Bayan kamar kilomita 300 sai abu ya fara. In yana giya ta huɗu ko ta biyar ya murɗa totur da ƙarfi, musamman a hawa da mutum a baya, sai injin ya yi kuka sama amma babur ɗin ba ya ƙara gudu, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku ya kama ya ja. Da safe ba ya yi sosai, sai injin ya ɗau zafi. Ya tsaya wurin wani bakanike a hanya, mutumin ya zaro geji ya shafa man tsakanin yatsu biyu ya ce masa wannan ai ruwa ne, man ƙasashen sanyi ne, zafin nan ya tsinka shi, ya je ya nemo 20W-50 ya zuba a babur ɗin, kuma motar ma ya yi maza ya zubar da wanda ke ciki kafin injin ya buga. Ƙanina ya sayi galan na 20W-50, amma Allah ya sa bai zuba ba tukuna ya biyo ta wurina.

Yana zuwa ya ce, "Yaya, ashe man banza na saya, yanzu lita huɗun da ke cikin motar ma asara ce." Na ce masa ya dakata, ya ɗauko min galan ɗin biyu, wanda ya ƙare da sabon, da littafin motar da na babur ɗin. Na ce kafin mu kwance noti ko ɗaya sai mun karanta abin da ke jikin robar nan, don amsar tana rubuce tun ranar da ya saya.

Abu na farko da na yi dai shi ne duba wayar kuloci, don kada mu ɗora wa mai laifin da ba nasa ba. In waya ta yi tsauri, hannun kuloci ba shi da ɗan wasa, to kulocin ba ya kamawa gaba ɗaya ko da ka saki hannu, kuma alamar iri ɗaya ce sak da wadda yake faɗa. Littafin babur ɗin ya ce wasan ya zama milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Na auna, kusan 15 ne, lafiya lau. Sai na hau na zaga har injin ya yi zafi, na sa giya ta biyar a ƙaramin gudu na buɗe totur gaba ɗaya, nan take na ji ya sulɓe. Babu tantama kuloci ne.

Muka zauna da galan na farko. A gaba an rubuta SAE 5W-30 da manyan baƙaƙe. Mutane da yawa suna karanta wannan kamar lamba ɗaya ce mai nuna "ƙarfin" mai, alhali gwaji biyu ne daban aka haɗa a layi guda, kuma ƙa'idar da ta tsara su sunanta SAE J300. Lambar da ke manne da W tana magana ne a kan sanyi kawai, W ɗin harafin farko ne na kalmar hunturu a Turanci. Ana daskarar da man a gwada ko inji zai iya juyawa da shi: 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25 ƙasa da sifili, 20W a 15 ƙasa da sifili. Ƙaramar lamba tana nufin man bai cika yin kauri ba in ya yi sanyi. Shi ke nan abin da take faɗa, ba ta ce komai a kan yadda man zai kasance in inji ya yi zafi ba.

Lamba ta biyu ita ce ta zafi, kuma ita ya kamata mai zama a ƙasa mai zafi ya fi zuba wa ido. Ana ɗumama man zuwa digiri 100 a auna kaurinsa da ma'aunin da za ka ga an rubuta cSt a takardar bayanin mai. In ya faɗa tsakanin 9.3 da 12.5 sai a ce 30 ne, in tsakanin 12.5 da 16.3 a ce 40, in tsakanin 16.3 da 21.9 a ce 50. Wato 5W-40 da 15W-40, in inji ya yi zafi, duk aji ɗaya suke, bambancinsu yana lokacin tayarwa ne.

A nan ne na tsaya na daɗe da shi, don nan ne bakaniken hanya ya ruɗe, kuma ba shi kaɗai ba. Duk wani baƙin mai, kowane iri, kaurinsa raguwa yake yi in ya yi zafi, kuma raguwar ba ƙarama ba ce. Man 5W-30 a digiri 40 kaurinsa yana wajen 60, amma a digiri 100 ya sauko wajen 10 ko 11. Man 20W-50 a digiri 40 yana wajen 160, a digiri 100 ya sauko wajen 18. To ka duba da kyau: wannan 5W-30 da aka shafa a yatsa aka ce ruwa ne, a lokacin da ake shafa shi ya ninka kaurin 20W-50 mai aiki cikin inji mai zafi sau uku. Yatsa yana gwada mai ne a zafin da inji ba ya aiki a cikinsa. Ko a ranar da ta fi kowace zafi, da garin ya kai digiri 45, a wurin inji wannan sanyi ne, man da ya kwana a cikinsa ya fi kaurin da injin ke so nesa ba kusa ba, kuma duk daƙiƙar da ya ɗauka kafin famfo ya tura shi sama zuwa kan bawul, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe da ɗan abin da ya rage jiya. Saboda haka ƙaramar lambar W ba ta cutar da kowa a ƙasa mai zafi, amfaninta ne kawai bai kai na wanda ke cikin ƙanƙara ba.

Ƙanina ya ce, "To Yaya in ba tsinkewa ya yi ba, me ya sa kulocin ke sulɓewa?" Na ce juya galan ɗin.

A baya akwai wani ɗan zagaye kamar zobe. A samansa an rubuta API SN, a tsakiya 5W-30, a ƙasa kuma kalmomi biyu: Resource Conserving. API ita ce cibiyar man fetur ta Amurka da ke tsara ajin ingancin mai. Harafin S na injin fetur ne, C na dizal, harafi na biyu kuma yana nuna zamani, duk yadda ya yi gaba a jerin haruffa to ya fi sabunta: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Wannan layin ba ruwansa da kauri, yana magana ne a kan sinadaran da aka zuba, masu wanke datti, masu hana man ƙonewa ya zama laka, masu kare ƙarfe. Kalmomi biyun na ƙasa su ne suka shafe mu. Suna nufin man ya ci gwajin rage shan fetur, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ake cin wannan gwaji shi ne zuba sinadaran ƙara santsi, don ƙarfe ya riƙa wucewa kan ƙarfe ba tare da jan ƙarfi ba. A tsofaffin galan za ka ga Energy Conserving, manufarsu ɗaya. In ka ga ILSAC GF-5 ko GF-6 ma labarin ke nan.

A mota wannan alheri ne, domin man injin mota inji kawai yake yi wa aiki. Giyar mota tana da nata man daban, kulocinta kuma, in mai kuloci ce, a bushe yake, mai ba ya zuwa wurin. Babur irin na ƙanina ba haka yake ba. Wannan lita ɗayar ita ce ke shafa fistin da karanshaf, ita ce ke cikin haƙoran giya, kuma a cikinta faifan kuloci suke iyo. Kuloci aikinsa kamawa, faifai ne a jere, mai fata da na ƙarfe, mai fata da na ƙarfe, sifirin na matse su har su zama kamar abu ɗaya su ɗauki ƙarfin inji su kai wa giya. An ƙera su su kama duk da suna cikin mai, amma da sharaɗin man ba mai santsin da ya wuce kima ba ne. In ka kawo man da aka yi musamman don ya rage kamun ƙarfe, to ka rage wa kuloci abin da yake rayuwa da shi. Zai fara sulɓewa a inda nauyi ya fi yawa, babbar giya, hawa, goyo, daidai yadda ƙanina ya kwatanta. Kuma sulɓewar tana haifar da zafi, zafin ya gasa fuskar faifan ta yi sumul tana ƙyalli, daga nan ko an canja mai ba lallai ya dawo ba.

Saboda irin wannan matsala ce masana'antun Japan suka fito da ƙa'ida ta musamman ta man babur mai bugu huɗu, JASO T903, a 1998, daidai lokacin da man motoci ke ƙara karkata zuwa rage shan fetur. A cikinta akwai gwajin kamun kuloci. Man da ya dace da kuloci mai zama cikin mai ana rubuta masa MA, daga baya a 2006 aka raba shi gida biyu, MA1 da MA2, MA2 ɗin shi ya fi kamu. Akwai kuma MB, wannan mai santsi ne, an yi shi ne don ƙananan babura masu giya da kansu masu amfani da bel, waɗanda kulocinsu a bushe yake. Wannan MB ɗin yana ruɗa mutane ƙwarai, don robar tana ɗauke da hoton babur, an rubuta 4T, mutum ya ɗauka ya zuba a babur mai giya ya faɗa ramin da ƙanina ya faɗa. 4T ba ya nufin komai sai cewa na inji mai bugu huɗu ne, ba wanda ake gauraya wa fetur ba.

Muka buɗe littafin babur ɗin. Ga abin da ya nema: 10W-40, API SL ko sama, JASO MA. Sai wani ɗan zane mai layuka da ke nuna zafin gari a ƙasa, kuma a ciki an yarda da 20W-50 in garin na da zafi. Galan ɗin da ya zuba ya cika sharaɗi ɗaya ne kacal cikin uku, na API. Babu JASO a ko'ina jikinsa, ga kalmomin santsi a ƙasan zobe, ga shi kuma 30 ne a inda aka nemi 40.

Ka ga ke nan bakaniken bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma na faɗa wa ƙanina haka, don ba na son ya tafi yana ganin mutumin bai san komai ba. A kan babur, maganarsa ta kauri tana da tushe. Injin da iska ke sanyayawa ba shi da abin da ke riƙe zafinsa a wuri ɗaya, in kana gudu iska na bugun fikafikan silinda yana samun sauƙi, in ka shiga cunkoso da rana tsaka kana tafiya kamar mai tafiya a ƙasa to zafin man hawa kawai yake yi, yana iya wuce digiri 120. A irin wannan zafin 30 ya yi siriri ga injin da aka ƙera don 40. Sannan akwai wani abu da haƙoran giya ke yi wa mai. Yawancin man da ke da lamba biyu ana zuba masa wasu sinadarai masu dogon jiki kamar zare, su ne ke hana shi tsinkewa da yawa in ya yi zafi, haƙoran giya kuma suna datsa zaren nan a hankali, sai ka ga man da ya shiga yana 40 ya fito ya kusa 30. In da 30 ka fara, to ina za a ƙare? Shi ya sa man babur ake yin sa ya jure wannan datsar. Inda bakaniken ya kauce shi ne dalilin sulɓewar, da kuma ɗaukar maganin babur ya kai wa mota.

Sai muka ɗauko sabon galan, na 20W-50. API SL, babu kalmomin rage shan fetur a ƙasa, kuma ba a saba ganinsu a mai mai kauri haka ba, amma JASO ma babu. Man mota ne. Da ya zuba shi a babur ɗin, mai yiwuwa sulɓewar ta ragu, mutane da yawa suna zuba irinsa suna tafiya lafiya shekara da shekaru, sai kowa ya ce ai ga shi kauri ne ya gyara. Amma ba wanda ya gwada shi a kan kuloci, sa'a ce kawai kake gwadawa, mu kuma kulocinmu ya riga ya ji rauni, na ce ba za mu yi caca da shi ba. Na aike shi ya samo lita biyu na 10W-40 mai JASO MA2, na ce ya duba bayan robar, in an yi wa man rajista zai ga ɗan akwati mai kusurwa huɗu da MA2 a ciki da lambar rajista a samansa. Wasu kamfanoni rubutawa kawai suke yi cewa mansu ya cika sharaɗin ba tare da akwatin ba, ba lallai ƙarya suke ba, amma mai akwatin ya fi kwantar min da hankali.

Muka zubar da 5W-30 ɗin injin na da ɗumi, muka jingina babur ɗin gefe da gefe don ya tsiyaye sosai, muka wanke ɗan ragar tace mai da ke ƙasa, muka zuba lita ta farko. Na ce ya yi kilomita 200 da ita a hankali, ba goyo, ba buɗe totur a babbar giya, sannan ya dawo mu zubar mu sa ta biyu. Lita ta farkon wanki ce kawai, don fatar faifan ta sha tsohon man kuma ba a rana ɗaya take sakinsa ba. Da an kama abin a kwana biyun farko, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Namu bai isa ba. Bayan juye na biyu, shi kaɗai a kan babur ba ya jin komai, amma da ya ɗauki mutum ya hau tudu sai ya ɗan sulɓe. Muka buɗe murfin kuloci. Faifan masu fata sun yi baƙi suna ƙyalli kamar an goga musu man takalmi, suna ɗan warin ƙuna, biyu daga cikin na ƙarfen kuma sun yi shuɗi-shuɗi a gefe, alamar sun sha zafi. Na auna kaurin masu fatar, milimita 2.8, littafin ya ce sabo wajen 3.0 ne, iyakar amfani 2.6. Wato ba su ƙare ba amma sun yi rabin rayuwarsu tun kafin wannan mai ya zo. Wannan ya bayyana min abin da ya sa nasa ya sulɓe da wuri, alhali abokinsa ya ce shi ma ya taɓa zuba man mota bai ga komai ba. Sabon kuloci mai sifirin masu ƙarfi yana da rarar kamu, yana iya haɗiye santsin bai nuna ba, wanda ya tsufa kuma yana ɗaukar kaya kullum ba shi da wannan rarar. Muka sa sababbin faifai masu fata bayan mun jiƙa su cikin man MA2 ɗin na 'yan awoyi, kada a sa su a bushe, na ƙarfen muka ɗora su kan gilashi muka tabbatar ba su lanƙwashe ba muka ɗan goge su, sifirin ɗin muka auna tsawonsu suna cikin iyaka. Sulɓewa ta tafi.

Saura mota, wadda ita ce ta fi damuna tun farko, don ita ce yake shirin zubar wa mai lafiyayye ya sa wanda bai dace ba. Injin mota ruwa ke sanyaya shi, kuma akwai tamostat da fanka da ke riƙe zafin ruwan a wajen digiri 90, ko garin na da sanyi ko yana ƙuna. Man kansa yawanci yana zama tsakanin 90 da 110. Zafin gari yana ɗan ɗaga shi, musamman da iyakwandishan a kunne cikin cunkoso, amma ba irin hawan da babur ke yi ba, kuma waɗanda suka ƙera injin sun lissafa da wannan kafin su rubuta 5W-30. Cikin ƙa'idar ma akwai gwaji na uku da ba a rubutawa a gaban galan, ana yin sa a digiri 150 ana matsa man kamar yadda boris ke matsa shi, HTHS ake rubuta shi, kuma kowane mai mai lamba 30 sai ya kai 2.9 a nan kafin a ba shi lambar. Don haka 30 ɗin ba a cikin inuwa aka gwada shi ba.

Me 20W-50 zai yi wa irin wannan injin? Ratar da ke tsakanin karanshaf da boris ɗinsa ƙanƙanuwa ce, hanyoyin mai sirara ne, sannan injin yana da na'urar da ke canja lokacin buɗe bawul, wadda da matsin mai take aiki ta cikin wata 'yar raga da ƙananan ramuka. Mai mai kauri yana jinkirin isa can da safe, kana iya jin ƙara kaf-kaf na daƙiƙa kaɗan in ka tayar, motar ta yi nauyi kafin ta ɗumama, shan fetur ya ƙaru, wani lokaci fitilar inji ta kama in an sa kwamfuta a ga lamba irin P0011 ko P0012. Kuma mai ba shafawa kawai yake yi ba, yana kwashe zafi daga boris da ƙarƙashin fistin, wanda ke gudu a hankali kuwa kwasarsa kaɗan ce. Ba wai injin zai buga gobe ba ne, a'a, ci ne na hankali wanda ba ka gani sai an yi nisa.

Akwai inda ƙara kauri a mota ke da ma'ana, na gaya masa don kada ya riƙe rabin magana. Wasu littattafan suna ba da zaɓi, su ce 5W-30 amma an yarda da 5W-40 ko 10W-40 in ana zafi ƙwarai ko ana jan kaya, to in naka ya ce haka kana iya hawa mataki ɗaya. Tsofaffin injuna da aka ƙera tun asali da rata mai faɗi, littafinsu da kansa yakan rubuta 15W-40 ko 20W-50. Injin da ya gaji kuma, yana shan mai, fitilar mai na ƙyaftawa in ya yi zafi yana tsaye, mai mai kauri zai rage masa hayaƙi ya ɗaga matsin, amma ringi da boris ɗin da suka cinye suna nan yadda suke, lokaci kawai kake saye kafin gyara. Motar ƙanina ba ta cikin ko ɗaya. Mun zaro geji, man yana kan layin sama, ba ta rage komai tsakanin juye da juye, salansa ba hayaƙi, littafinta kuma bai ambaci 50 a ko'ina ba. Na ce ya bar lita huɗunsa su yi aikinsu.

Abin da zafi ke canjawa a motar shi ne tsawon lokacin da man zai yi a ciki. Zafi na sa mai saurin tsufa, ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye suna ƙarawa, kuma littafin yana da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala, na biyun kusan rabin na farko ne. Na nuna masa shafin na ce nan ne layinsa. Babur ɗin ma haka, littafin ya ce kilomita 3,000, na ce da irin kayan da yake ɗauka da zafin nan kada ya wuce 2,000, kuma ya riƙa duba geji duk sati babur na tsaye cak a wuri mai daidai, don injin da lita ɗaya ce duk abin da ya mallaka, in kofi ɗaya ya ragu kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tafi, sauran kuma sai ya fi saurin ɗaukar zafi.

Ya tambaye ni ko a juye na gaba ya koma 20W-50 na babur tunda littafin ya yarda. Na ce in zai riƙa wuni cikin cunkoso da goyo a watannin zafi, ya sa, matuƙar akwai MA ko MA2 a jiki, in zafi ya sauka ya dawo 10W-40, giya ma ta fi shiga da daɗi da shi da safe. Galan ɗin 20W-50 na mota da ya saya ba a ko buɗe shi ba, ya mayar aka musanya masa da na babur. A juyen motar na gaba lita ɗaya ta sake ragewa, wannan karon ya rufe ta da kyau ya sa a but don ƙari, ya rubuta "mota" da maka a jikin robar.